Yadda ɗalibin likitanci zai rubuta wa farfesa takardar neman shiga binciken farfaɗiyar yara

Farfesan da ke jagorantar bincike a kan farfaɗiyar yara yana da ayyuka jibge da ba shi da lokacin yin su: dosiyoyin da ba a duba ba, iyayen da ba a yi hira da su ba, bayanan da ba a shigar cikin ordinatar ba. Takardar da za ta sa ya kira ka ita ce wadda ta ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ta ce: wannan zan iya, ga ranakun da nake da su, ga abin da ban iya ba tukuna. Yawancin takardun da ɗalibai ke turawa ba sa yin haka. Suna cike da yabon malam da bayyana sha'awar ilmi, kuma idan an kai ƙarshe ba a san abin da za a ba mai takardar ya yi ranar Litinin da safe ba. Abin da ke biye hanya ce ta rubuta irin ta farkon, ga ɗalibin sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar André Salifou ta Zinder, ko duk wanda ke staj a asibitocin Damagaram.

Mataki na farko, kafin ka ɗora alƙalami, shi ne ka san binciken da kake son shiga. Farfaɗiyar yara fage ne mai faɗi. Wani bincike yana ƙidayar yaran da ke da cutar ne a cikin gari da ƙauyuka, wani yana bin musabbabinta, wani yana duba dalilin da ya sa yara ba sa samun magani ko suke barinsa. Kowane da irin hannun da yake bukata. Ka tambayi manyanka da ke rubuta tez a ƙarƙashin malamin, ka leƙa laburaren sashenku ka ga tez ɗin da ya jagoranta, sannan ka nemi abin da ya wallafa. A PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, za ka iya rubuta:

```
epilepsy[tiab] AND (Niger[mh] OR Niamey[tiab] OR Zinder[tiab])
```

Kada ka rubuta sunan ƙasar shi kaɗai babu alamar da ke gefensa, domin zai jawo maka tarin aikin da aka yi a Nijeriya, ya binne na gida. Da yawan aikin malamanmu da Faransanci yake, a mujallun da PubMed ba ta ɗauka, saboda haka ka gwada `épilepsie enfant Niger` a Google Scholar. Maƙala ɗaya ta ishe ka, amma ka karanta ta daga farko har ƙarshe, musamman sashen da ya bayyana yadda aka zaɓi yaran da sashen da marubuta suka faɗi inda aikin ya gaza. A nan ne tambayarka za ta fito.

Mataki na biyu ya fi nauyi, kuma a nan nake so in daɗe. Ka tabbata ka rarrabe jijjiga da farfaɗiya, domin layi ɗaya da ka haɗa su a cikinsa ya isa ya nuna wa malam cewa ba ka shirya ba. Ma'anar da ƙungiyar duniya ta yaƙi da farfaɗiya ta tsayar a 2014 ta ce ana kiran abu farfaɗiya idan mutum ya yi bugu biyu da babu wani abin nan take da ya tayar da su, kuma tsakaninsu ya wuce awa 24. Ana kuma iya kiran abu farfaɗiya bayan bugu ɗaya idan yiwuwar ya sake dawowa cikin shekara 10 ta kai kashi 60 cikin 100, ko idan alamomin sun dace da wani sanannen rukunin farfaɗiya. Abin lura shi ne batun abin da ya tayar da bugun. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ya yi jijjiga saboda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, abin da iyaye ke kira bugun tsuntsu, ba mai farfaɗiya ba ne. Haka yaron da ya yi jijjiga yana tsakiyar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sanƙarau, ko don sukarin jininsa ya faɗi.

A Damagaram wannan rarrabewa ita ce rabin aikin. Daga watan Agusta zuwa Oktoba ɗakunan yara suna cika da masu zazzaɓin cizon sauro, da yawansu da jijjiga aka kawo su. Da rani kuma, lokacin iska da ƙura, sanƙarau ke tasowa, don jihar tana cikin yankin da aka san shi da wannan cuta. Ɗalibin da ya rubuta wa farfesa cewa ya ga yara masu farfaɗiya birjik a gardin da ya yi a watan Satumba, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Amma ga inda abin yake da amfani gare ka: wani ɓangare na yaran da zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwarsu, ko suka tashi daga sanƙarau, ko aka sha wuya wajen haihuwarsu har suka yi jinkirin numfashi, sukan dawo bayan watanni ko shekaru da farfaɗiya ta ainihi. Wanda ya nuna a takardarsa cewa ya gane wannan alaƙa, ya kuma gane inda iyakar take, ya riga ya sha gaban wanda ya cika shafi da alƙaluman duniya.

Alƙaluman ba laifi ba ne a san su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu bugu idan an gane cutar aka ba su magani daidai. Farfesa ya san duk wannan tun kana lakwal. Ka riƙe su don kanka, kada ka buɗe takarda da su.

Mataki na uku: ka zaɓi tambaya ɗaya da aiki ɗaya. Mu ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara ta biyar da ta gama staj a sashen yara. Ta lura cewa wasu yaran da aka ɗora a kan magungunan farfaɗiya irin su fenobarbital ko balfurowet ba a sake ganinsu a ranar da aka ba su, sai dai su dawo ta ƙofar gaggawa da bugun da ya ƙi tsayawa. Ta san daga darasi cewa yanke fenobarbital farat ɗaya yana iya tayar da bugu mai tsanani, kuma bugun sanƙarewa da jijjiga da ya wuce minti 5 abin gaggawa ne. Tambayarta ta zama: cikin yaran da aka fara ba magani, nawa ke dawowa bayan wata 6, kuma waɗanda ba su dawo ba, me ya hana su? Kuɗin mota daga Mirriya ko Magariya ne, ko ƙarewar magani, ko barcin da yake sa yaro, ko an koma wajen malam da rubutu da hayaƙi, ko kuwa iyaye sun ga bugu ya tsaya sun ɗauka an warke? Wannan tambaya ce da ɗaliba za ta iya taimakawa a amsa da dosiye da baki, ba ta bukatar na'ura mai tsada.

Ka lura ba ta ce za ta karanta zanen na'urar gwajin ƙwaƙwalwa ba. Wannan sai wanda aka horar, kuma ko zanen ya fito lafiya lau bai kore farfaɗiya ba, tunda cutar daga labarin bugun ake fara gane ta. Abin da ɗalibin Damagaram ke da shi mai tsada shi ne bakinsa da sanin mutanensa. Idan ka tambayi uwa kai tsaye ko ɗanta yana da farfaɗiya, sau da yawa a'a za ta ce, saboda tsoron abin da zai biyo baya: a hana yaro lakwal, a ƙi cin abinci da shi don ana zaton yawunsa na yaɗa cutar, yarinya ta rasa manemi. Mai hira da ya iya zai tambaya ne a hankali: ya taɓa faɗuwa jikinsa ya sanƙare alhali babu zazzaɓi? Ya ciji harshe, ko fitsari ya kubce masa? Yakan yi tsit yana kallon wuri ɗaya na ɗan lokaci, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba da wasansa kamar ba a yi komai ba? Wannan na ƙarshe iyaye ba sa ɗaukarsa ciwo, malamin aji kuma yakan ce rashin hankali ne, alhali wani nau'in farfaɗiya ne da ke kama yara 'yan makaranta. Idan kana jin Barbarci ko Fillanci ban da Hausa, ka faɗa, domin iyayen da ke zuwa daga wajen Gure da Tanut ba duka ke sakin jiki da Hausa ba.

Mataki na huɗu shi ne rubutun kansa. Shafi ɗaya, kada ya wuce. Da Faransanci za ka tura shi kamar yadda aka saba a sashen, kuma gaisuwar da malaman likitanci suka saba ji ita ce `Cher Maître` ko `Monsieur le Professeur`, ko `Madame le Professeur` idan mace ce. Ka tabbatar da muƙaminsa kafin ka rubuta. Kiran farfesa da muƙamin da bai kai nasa ba yana ɓata takarda tun daga layin farko. Idan ta imel ne, kan saƙon ya faɗi ko kai wane ne da abin da kake so:

```
Objet : Étudiante 5e année – demande de participation, étude épilepsie de l'enfant
```

Ga takardar ɗalibarmu da Hausa, don a ga yadda ginin yake:

«Ranka ya daɗe Farfesa, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Wance, ɗaliba ce a shekara ta biyar ta likitanci, na gama staj a sashen yara a watan jiya. Ina neman izininka in shiga cikin masu taimakawa a binciken da kake jagoranta a kan farfaɗiyar yara.

«Na karanta maƙalarka a kan yaran da ake bi a asibiti saboda farfaɗiya, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kuka ce ba a samu labarin wasu daga cikinsu ba bayan zuwan farko. A lokacin staj na ga yaran da aka ɗora a kan magani suka daina zuwa, daga baya aka dawo da su da bugu mai tsawo ba tare da zazzaɓi ba. Ina so in fahimci nawa ne ke dawowa bayan wata 6, da abin da ke hana sauran.

«Abin da zan iya yi: duba dosiyoyi da cike takardar tattara bayani, yin hira da iyaye da Hausa da Barbarci, da shigar da bayanai cikin Excel. Ban taɓa yin lissafin bincike ba, kuma ban iya karanta zanen gwajin ƙwaƙwalwa ba, amma a shirye nake in koya. Ina da yammacin Laraba da safiyar Asabar, kimanin awa 6 a mako, daga Janairu zuwa Yuni, ban da makon jarrabawa.

«Idan ka ga da hali, ina roƙon minti 15 a ofishinka a ranar da ta yi maka. Idan kuma ƙungiyar ta cika, zan yi godiya ka nuna mini wanda zan bi. Na haɗa da taƙaitaccen tarihin karatuna. Allah Ya ƙara girma. Ɗalibarka, Wance.»

Yanzu mu koma mu ga abin da kowane sashe ya ɗauka. Sakin layi na farko ya faɗi buƙata a jimla ta uku. Tarbiyyarmu ta koya mana a yi doguwar gaisuwa kafin a shiga magana, kuma a zaure haka ya dace, amma malam yana karanta takardar ne tsakanin zagayen majinyata da darasi. Gaisuwa ɗaya mai ladabi ta wadatar, girmamawar kuwa tana cikin rashin ɓata masa lokaci.

Sakin layi na biyu shi ne wanda ba za a iya kwafa a tura wa wani malami ba. Idan za ka iya canza suna a sama ka aika wa farfesan tiyata ba tare da ka gyara komai ba, to takardar ba ta yi ba, sake ta. Abin da ka ce ka karanta, ya zama ka karanta shi da gaske, don shi ne farkon abin da za a tambaye ka. Ka kuma lura da kalmomin "ba tare da zazzaɓi ba". Su kaɗai sun gaya wa malam cewa yarinyar ta san abin da take kallo. Ba ta kuma kawo adadi ba, domin ba ta ƙidaya ba. "Na ga yara" gaskiya ce, "rabin yaran" kuwa da'awa ce da za a nemi hujjarta.

A nan ne wuri mafi haɗari. Kada sunan yaro, ko unguwarsu, ko hotonsa, ko hoton dosiyensa ya shiga takardarka. Zinder gari ne da kowa ya san kowa. Ka ce yarinya 'yar shekara 9 daga unguwa kaza wadda ubanta ke sana'a kaza, ka riga ka fallasa ta. Haka nan kada ka yi alfahari da cewa ka riga ka fara tattara bayani da kanka, ko kana da bidiyon bugu a wayarka. Kai kana ganin himma ce, malam kuwa zai ga wanda zai jawo masa matsala. Bincike a kan yara sai da takardar tsari da kwamitin ɗa'a ya amince da ita, da izinin hukumar asibiti, da yardar uba ko uwa bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji, da amincewar yaron kansa idan ya kai wayon ganewa. Ni a ganina ɗalibin da ya rubuta layi ɗaya yana tambaya ko akwai horon ɗa'ar bincike da ya kamata ya yi kafin ya taɓa dosiye, ya fi wanda ya lissafo manhajoji biyar.

Sakin layi na uku yana bukatar lissafi na gaskiya. Ɗauko jadawalinka, cire darussa, cire gardi da washegarin gardi, cire makonnin jarrabawa, ka tuna da azumi idan ya faɗo cikin lokacin. Abin da ya rage, rage masa kashi ɗaya cikin uku, shi za ka rubuta. Ɗalibarmu ta ce awa 6 a mako. Idan dosiye ɗaya yana cin minti 20, tsakanin nemo shi, karanta rubutun hannu, da cike takarda, to tana iya gama 18 a mako, wato kusan 70 a wata. Wannan lissafi ne da farfesa zai iya gina tsari a kai. "Duk lokacin da kake bukata ina nan" ba a gina komai a kansa, kuma kowa ya san ɗalibin shekara ta biyar ba ya da wannan lokaci. Faɗin abin da ba ka iya ba shi ma kariya ce gare ka: wanda ya ce ya iya manhajar lissafin bincike ta Epi Info alhali sau ɗaya ya buɗe shi, ranar da aka miƙa masa bayanai asirinsa zai tonu.

Maganar kuɗi da maganar sa suna a maƙala, bar su daga takardar farko. Ba don ba su da muhimmanci ba. Idan an karɓe ka, a zama na biyu ko na uku ka tambaya cikin ladabi wa zai biya kuɗin mota da katin waya idan za a bi iyaye, kuma wane irin aiki ne ke sa a saka sunan mutum cikin marubuta. Gara a yi maganar tun ana shiri da a yi ta bayan an gama. Idan kana fatan aikin ya zama tez ɗinka, wannan kam faɗe shi tun a takarda da jimla ɗaya, domin yana canza girman abin da malam zai ba ka.

Tarihin karatun da za ka haɗa shafi ɗaya ne: shekarar da kake, staj ɗin da ka yi, harsunan da kake ji, lambar wayarka. Ka mayar da shi PDF, ka sa masa sunanka. Ka ba wani babba da ya fi ka Faransanci ya duba takardar, ya duba sunan malam harafi bayan harafi.

Mataki na biyar, isar da ita. Tura ta imel, sannan ka buga kwafi ɗaya ka kai wa sakatariyar sashen cikin ambulan, don ba kowane malami ke buɗe imel kullum ba. Kada ka tura ta WhatsApp sai in shi ya ba ka lambar don haka, kuma ko da ya ba ka, ban da saƙon murya, ban da dare. Idan akwai likitan da ya ga aikinka a lokacin staj, roƙe shi ya ambace ka a wurin malam, ka kuma nemi izininsa kafin ka sa sunansa a takarda. Wannan ya bambanta da aiko kawu ko wani babba na gari ya yi maka magana. Hakan yana iya buɗe ƙofar ofis, amma yana sa malam ya fara kallonka da ido na daban.

Idan kwana 10 zuwa 14 suka wuce shiru, sake tura saƙo na layi biyu a ƙarƙashin na farko. Shiru a nan yawanci aiki ne ya yi yawa, ko tafiya. Idan na biyun ma bai samu amsa ba, tsaya bayan darasi ko bayan zagayen majinyata, ka gaishe shi, ka ce: "Malam, ni ne na ajiye takarda a kan binciken farfaɗiya, ko ta iso?" Ka tsaya nan, kada ka fara karanto masa abin da ke ciki a tsaye a baranda.

Ranar da aka kira ka, je da littafin rubutu da kwafin takardar, da kuma zanen takardar tattara bayani da ka gwada yi da kanka, babu sunan kowa a ciki: lambar sirri a madadin suna, shekaru, shekarun da bugu ya fara, kamannin bugun, ko da zazzaɓi ko babu, tarihin haihuwa, ko an taɓa kwantar da shi don sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani, maganin da aka ba shi da awonsa gwargwadon nauyin yaro, ranar da aka ce ya dawo, da ko ya dawo. Malam zai soke rabinta ya ƙara nasa, kuma daga wannan gyaran ne za ka fara koyon aikin. Kafin ka tashi, tambayi abu uku: wa za ka riƙa kai wa rahoto, wane aiki ne na farko, kuma yaushe ake son ganinsa. Idan amsar ita ce babu gurbi yanzu, yi godiya a rubuce a ranar, ka tambaya ko za ka iya halartar zaman ƙungiyar kana sauraro, da watan da ya dace ka sake nema.